Zaɓen fanka don ɗaki mai zafi: abin da za ka auna kafin ka shiga kasuwa

Daga ƙarshen Fabrairu har zuwa saukar ruwan farko, duk wanda ya taɓa kwana a Jalingo ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake komawa. Da rana zafi yakan kai maki 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, kwano ya ɗauka, bulo ya sha, sai dare ya yi bango ya riƙa amayar da abin da ya sha tun safe. A unguwa irin Yelwa, a wannan lokacin ne ake rububin sayen fanka, kuma a lokacin ne aka fi sayen wadda ba ta dace da ɗakin ba. Mutum ya shiga shago, a kunna masa wadda ta fi gudu da ƙara, ya tsaya a gabanta rigarsa na kaɗawa, ya ce a ɗaure masa. Sai an kai ta gida a tarar iskar ba ta isa kan gado, ko ƙararta ta hana jariri barci, ko kwayil ya ƙone kafin damina ta kankama.

Abubuwa huɗu ne suke raba fankar da za ta yi maka aiki da wadda za ta ci maka kuɗi: faɗin fuka-fukanta, yawan iskar da take turawa, irin wayar da aka naɗa kwayil da ita, da kuma ƙararta. Amma kafin su akwai wata magana da ya kamata a fara yi.

Fanka ba ta sanyaya ɗaki

Ka rufe ɗaki, ka bar fanka tana juyawa tun safe har la'asar, ka dawo da ma'aunin zafi: ba za ka ga ya sauka ba. Hasali ma duk wutar da fankar ta ci zafi take komawa, kuma a cikin ɗakin yake zama. Abin da fanka take yi shi ne kora iska a kan fatar mutum don gumi ya bushe da sauri, bushewar gumin ce take ɗauke zafi daga jiki. Wato jiki take sanyayawa. Fankar da ke juyawa a ɗakin da babu kowa ɓarnar wuta ce kawai.

Wannan yana da iyaka. Zafin fatar mutum yana wajen maki 35. Idan iskar ɗaki ta fi haka zafi, fanka tana watsa maka zafi ne a jiki, gumi kaɗai ke ceton ka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi amfani da fanka idan zafi bai kai maki 40 ba, domin sama da haka tana iya ƙara wa jiki zafi. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, saboda ba sa gumi kamar matasa, kuma ya fi yawa a busasshen zafi irin na watan Maris a Jalingo, lokacin da gumi ke bushewa da kansa ko babu fanka. A irin ranakun nan a jiƙa jiki ko riga da ruwa kafin a zauna gaban fanka, a kuma yawaita shan ruwa. 'Yan uwanmu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal lamarinsu daban ne: zafinsu bai kai namu ba amma iskar tana da laima, gumi ba ya bushewa sai an kora shi, don haka a can fanka ta fi nuna amfaninta.

Fara da tef, ba da shago ba

Idan aka ce fanka mai inci 56 ce, ana nufin faɗin da'irar da fuka-fukan suke zanawa idan suna juyawa, daga wannan baki zuwa wancan. Ba tsawon fiffike ɗaya ba ne. A kasuwanninmu fankokin sama da aka fi gani su ne masu inci 48, 56 da 60, akwai kuma gajeru masu inci 36 ko ƙasa da haka. Wani kwalin da milimita yake rubutawa: 1200 ita ce inci 48, 1400 ita ce inci 56. Fankokin tsaye na gida kuwa inci 16 ne ko 18, sai manyan nan masu fuka-fukan ƙarfe na masallaci da wurin taro, masu inci 20 zuwa 26 ko fiye.

Inci takwas tsakanin 48 da 56 kamar ba wani abu ba ne, amma lissafin da'ira ba haka yake tafiya ba. Filin da mai inci 56 take sharewa ya fi na mai inci 48 da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan kuma ka gwada ta da fankar tsaye mai inci 16, ta ninka ta sau goma sha biyu. Shi ya sa babbar fanka take iya juyawa a hankali ta cika ɗaki da iska, ƙarama kuwa dole ta yi ta gudu kafin ta ba ka iska a wuri ɗaya tak. Wannan gudun ne tushen ƙarar da za mu zo kanta.

To sai dai babba tana bukatar wuri. Ma'auni uku za ka ɗauka. Na farko daga ƙasa zuwa fuka-fukai: kada ya gaza ƙafa 7 ko ta halin ƙaƙa, ƙafa 8 zuwa 9 ya fi kyau. Na biyu daga fuka-fukai zuwa silin: a bar wajen inci 10 zuwa 12. Mutane da yawa ba su san muhimmancin wannan ba. Fanka daga sama take jawo iskar da take turowa ƙasa, idan aka manna ta da silin sai ta rasa inda za ta shaƙa, ka ga tana gudu amma iskar babu. Na uku daga bakin fiffike zuwa bango ko kan wadirof: aƙalla inci 18, ƙafa biyu ya fi.

Idan ka haɗa na farko da na biyu za ka ga silin da bai kai ƙafa 8 ba bai dace da fankar sama ba sam. A irin ɗakunan haya masu gajeren rufi, inda dogon mutum yake taɓa silin da hannu, a haƙura a sayi ta tsaye ko ta bango. An sha samun rauni wajen ɗaga yaro sama ko cire riga a ƙarƙashin fankar da aka rataye ƙasa-ƙasa. Idan kuma rufin ya yi tsawo da yawa, kamar ɗakin da babu silin sai kwano tsirara, a sa dogon rodi a sauko da ita. Fankar da ke dab da kwano iskar da ta fi kowace zafi a ɗakin take kwasowa ta zubo maka.

A taƙaice, ɗaki mai ƙafa 10 a kan 10 inci 48 ta ishe shi. Mai ƙafa 12 a kan 12, wanda shi ne aka fi ginawa, inci 56 ce tasa. Falo mai tsawo, misali ƙafa 12 a kan 20, fanka biyu masu inci 48 sun fi masa guda ɗaya mai inci 60, domin iskar fankar sama a ƙarƙashinta take da ƙarfi, da ka matsa gefe sai ta ragu sosai.

Yawan fuka-fukai, uku ne ko huɗu ko biyar, ba shi ne ma'aunin iska ba. Kada a yaudare ka da shi. Abin da ya fi shi tasiri shi ne karkatar fiffiken da ƙarfin injin da ke juya shi, kuma kamfani ya riga ya daidaita su da juna. Saboda haka ɗaura dogayen fuka-fukai a kan ƙaramin inji, ko lanƙwasa su da hannu wai don iska ta ƙaru, hanya ce ta gajiyar da inji da sa fanka rawa.

Lambobin da ke jikin kwali

Mai shago zai nuna maka lamba biyu: wat, wadda ake rubutawa da W, da kuma RPM, wato sau nawa take juyawa a minti ɗaya. Babu ɗayansu da ke faɗa maka yawan iska. Wat abin da fanka take ci ne, ba abin da take bayarwa ba. RPM kuma gudu ne: gajeriyar fankar sama tana iya ninka mai inci 56 gudu, amma ba ta kusa kamo ta a yawan iska.

Lambar da za ka nema ita ce CMM, ko m³/min, wato mita nawa na iska, ta tsawo da faɗi da zurfi, take turawa a minti guda. Wasu kwalayen CFM suke rubutawa, wanda da ƙafa ake lissafa shi. CMM ɗaya daidai yake da CFM 35 da ɗan ɗoriya, don haka kada babbar lamba ta ruɗe ka: CFM 8,000 bai kai CMM 230 ba. Fankar sama ta kirki mai inci 48 takan ba da CMM 210 zuwa 230 da wat 70 zuwa 75. Mai inci 56 takan ba da wajen 245 zuwa 270 da wat kimanin 80. Ta tsaye mai inci 16 ba ta cika wuce CMM 70 zuwa 90 ba, da wat 50 zuwa 60.

Daga nan sai ka yi ɗan lissafi a wayarka: raba CMM da wat. Mai CMM 210 da wat 75 za ta ba ka 2.8. Mai CMM 270 da wat 80 za ta ba ka kusan 3.4. Ta biyun ta fi cin wuta da wat biyar kacal amma kowane wat nata ya fi aiki. Sababbin fankokin nan da ake rubuta wa BLDC, masu rimot, sukan ba da CMM 220 da wat 28 zuwa 35, wato lissafinsu yana kai 6 zuwa kusan 8.

Kwalin da ya cika da alƙawari amma babu lambar iska a jikinsa, ni dai ina ɗaukar shirun a matsayin amsa. Idan dole ita za ka saya, gwada ta da jikinka ta hanyar da ta dace. Kada ka tsaya dab da ita. Ga fankar tsaye, ka ja baya taku huɗu ko biyar, nisan da ke tsakanin inda za ka ajiye ta da gadonka, ka sa a kunna ta a lamba ta ɗaya. Idan a can kana jin iska a fuskarka, to ta yi.

Kwayil: tagulla ko alminiyam

Nan ne kuɗin yake, nan ne kuma aka fi yin algus. A cikin kan fanka akwai ƙarfe mai ramuka da aka naɗe da siririyar waya zagaye ɗaruruwa, wayar kuma an shafe ta da wani siririn fenti da ke hana zagaye ɗaya taɓa ɗan uwansa. Wannan shi ne kwayil. Idan aka ce fanka ta ƙone, yawanci fentin nan ne zafi ya cinye, wayoyi suka haɗu.

Tun asali da tagulla ake naɗin, wadda masu gyara suke kira kofa. Da ta yi tsada sai kamfanoni da yawa suka koma alminiyam. Alminiyam yana ɗaukar wuta kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da tagulla mai kauri ɗaya take ɗauka. Ba laifi ba ne a yi inji da shi, muddin aka ƙara wa wayar kauri, aka kuma faɗaɗa ramukan ƙarfen don ta samu wuri. Akwai injuna na kirki da aka yi haka. Matsalar ita ce a fanka mai araha ba a cika yin wannan ƙarin ba, sai wayar ta fi yin zafi a kan aiki iri ɗaya. Masu aikin lantarki suna da wata ƙa'ida da suka daɗe da ita: duk ƙarin maki 10 na zafi a kan kwayil yana rage rayuwar fentin da kusan rabi. Yanzu ka tuna ina fankar take rataye. Tana ƙarƙashin silin da kwano ya gasa tun hantsi, a wurin da ya fi ko'ina zafi a ɗakin, kuma a watan Maris tana iya yin awa goma sha biyu ba hutu idan an samu wuta. Injin da zai yi shekaru a gari mai sanyi irin Gembu, a saman tsaunin Mambilla, ba lallai ya yi haka a Jalingo ba.

Raunin alminiyam na biyu yana mahaɗa, inda wayar kwayil take haɗuwa da wayar da ke kawo wuta. Alminiyam yana yin wata ɓawon tsatsa fara da ba ta ɗaukar wuta, kuma dalma ba ta kama shi da sauƙi. Da tafiya ta yi tafiya mahaɗar takan saki, ta yi zafi, ta katse. Shi ya sa za ka ji mai gyara ya ce wannan ba ta gyaruwa sai an sake naɗi gaba ɗaya.

Sai kuma raunin wuta, abin da muke kira lo-karan. An yi fankokinmu ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Ƙarfin juyin inji ba ya sauka daidai da saukar wutar, ya fi ta saurin faɗuwa: idan wuta ta sauko daga 230 zuwa 180, abin da ya rage wa injin bai wuce kashi 61 cikin 100 ba. Idan fankar tana da ƙura a ciki ko man jikinta ya bushe, sai ta kasa tashi, ta tsaya tana gurnani, wuta na shiga kwayil ba ta zama juyi, sai zafi. Wannan shi ne ajalin fankokin tsaye da yawa. Duk lokacin da ka ji fanka na gurnani ba ta juyawa, kashe ta nan take.

To yaya za a gane? Rubutun kwali ba hujja ba ne, launin waya ma ba hujja ba ne. Fentin da ake shafa wa wayar alminiyam yakan zo ja-ja kamar tagulla, akwai kuma wayar da cikinta alminiyam ne aka lulluɓe bayanta da tagulla siririya. Maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu, don haka wannan gwajin ba shi da amfani. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kankare wayar da reza ko a dubi bakin da aka yanke: tagulla ja ce har ciki, alminiyam fari ne kamar azurfa. Masu naɗi kuma sukan kai guntun waya kan wutar ashana. Siririn alminiyam yakan lanƙwashe ya narke, domin a maki 660 yake narkewa, tagulla kuwa sai ta haura 1,000.

Ba mai shagon da zai bari ka kankare masa sabon kwayil, wannan gaskiya ne. Abin da za ka iya yi a shago shi ne ka ɗaga kan fankar ba tare da fuka-fukai ba, ka gwada nauyinsa da na wata mai girma ɗaya. Tagulla ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku, kuma injin kirki yakan zo da ƙarfe mai kauri. Nauyi alama ce kawai, tunda murfi ma yana iya yin nauyi. Abin da ya fi wannan shi ne ka biya wurin mai naɗin kwayil kafin ka shiga shago, ka tambaye shi wane iri ne aka fi kawo masa a ƙone, wane ne kuma idan ya buɗe yake tarar da tagulla. Shi yana ganin cikinsu kullum. Sannan ka nemi rasit mai ɗauke da garanti a rubuce, ba na baka ba.

Wani abu da zai cece ka daga asara: ba duk fankar da ta rage gudu ba ce kwayil ɗinta ya lalace. Sau da yawa kafasita ce ta gaji, wani ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke ba inji ƙarfin tashi. Alamarta ita ce fanka ta yi sanyin gudu ko a lamba ta ƙarshe, ko ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda. Ta fankar sama yawanci 2.5µF ce ko kusa da haka, ta tsaye kuma 1.2 zuwa 1.5µF, an rubuta a jikinta. A sa mai lamba iri ɗaya. Wasu masu gyara sukan sa wadda ta fi girma don fanka ta ƙara gudu mai ita ya ji daɗi, alhali kwayil ne yake biyan bashin da zafi. Haka nan fankar tsaye da ta mutu ɗif, babu ko gurnani, sau da yawa wani ɗan fis ne da ke manne da kwayil ya katse saboda zafi, kuma ana canza shi ba sai an sake naɗi ba.

Ƙara iri-iri ce

Akwai ƙarar iska, wato shuuu ɗin da fiffike yake yi idan yana yanka iska. Wannan ba lalacewa ba ce, gudu ne yake kawo ta, kuma tana hawa da sauri fiye da yadda iskar take ƙaruwa. Idan ka rage gudun fanka da rabi, iska ta ragu da rabi, amma ƙara takan sauka da wajen dB 15, alhali saukar dB 10 kawai kunne yana jin ta kamar an raba ƙarar biyu. Ga ɗakin kwana wannan ita ce babbar dabara: sayi wadda ta ɗan fi bukatarka girma, ka riƙa tafiyar da ita a lamba ta biyu ko ta uku. Fankar sama mai inci 56 tana juyawa wajen sau 300 a minti, ta tsaye kuwa wajen sau 1,300. Manyan nan masu fuka-fukan ƙarfe, iskarsu ba magana, amma a ɗaki mai ƙafa 12 ba za ka ji sallamar baƙo ba. A bar su a shago da zaure.

Sauran ƙararrakin kuwa saƙo ne. Gurza ko kuka kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne ya bushe ko ƙurar hunturu ta shige shi. Fankar sama boris biyu take da shi, irin masu lamba 6201, 6202 ko 6203, ana samun su a kasuwa kuma canjin ba wuya. Yawancin fankokin tsaye bushin suke da shi maimakon boris, shi kuma yana son ɗigon man keken ɗinki lokaci-lokaci, musamman bayan hunturu. Kada a sa masa man gyaɗa ko manja, daskarewa suke yi su riƙe sandar. A shago, ka juya fiffike da yatsa fanka na kashe: ya kamata ya tafi sumul, ya daɗe kafin ya tsaya.

Ƙas-ƙas tare da rawa, fuka-fukai ne ba su daidaita ba, ko noti ya saki. Ka kashe ta, ka auna daga bakin kowane fiffike zuwa silin a wuri ɗaya, kana juyo su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bambanta shi ne mai laifin. Kamfani yana haɗa fuka-fukan kowace fanka da nauyi ɗaya, don haka idan ka sayi biyu kada mai ɗaurawa ya cakuɗa su. Kuma fanka mai rawa a duba ƙugiyarta: a jikin katakon rufi mai ƙarfi ko ƙarfen dakin ake rataye ta, ba a jikin allon silin ba.

Zuuu mai kama da kukan ƙudan zuma kuwa daga wuta yake. Ragileta mai murɗawa sumul kamar ta rage hasken ƙwan lantarki takan sa inji wannan kukan a ƙaramin gudu. Mai tsalle lamba-lamba, ɗaya zuwa biyar, ta fi shiru. Ƙaramar inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul ita ma tana sa fanka kuka da ɗaukar zafi.

Mu gwada da ɗaki guda

A ɗauka ɗaki ne a Yelwa, ƙafa 12 a kan 12, silin na roba a ƙafa 9 ƙarƙashin kwano, miji da mata da jariri, ana kwana cikin gidan sauro. Akwai batir mai bolt 12, amfiya 100, irin na ruwa, da ƙaramar inbata.

Faɗin ɗakin inci 144 ne. Cire 56, saura 88, wato inci 44 kowane gefe. Ko da wadirof mai zurfin ƙafa biyu a jikin bango ɗaya, akwai sauran inci 20. Ta wuce. Tsawo inci 108 ne, a sauko da fuka-fukai inci 12, sun tsaya a ƙafa 8 cif. Ita ma ta wuce. Ke nan mai inci 56 ce, a nemi CMM 245 zuwa sama.

Yanzu wuta. Batirin yana ɗauke da 12 sau 100, wato 1,200 na wat a awa. Batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura 600. Inbata za ta ci nata kason, a ce kashi 15 cikin 100, saura wajen 510. Fanka mai wat 80 a cikakken gudu za ta cinye wannan cikin awa shida da 'yan mintuna: an kunna ƙarfe goma na dare, kafin kiran assalatu ta tsaya, ko kuma a ci gaba da tatsar batirin har ya mutu da wuri. Mai BLDC ta wat 30 kuwa za ta yi awa 17. Ko ga mai mitar kati bambancin a fili yake: awa goma kullum na wata guda, ta farko yunit 24, ta biyu yunit 9. Ta fi tsada wajen saye, kuma tana da nata rauni: allon lantarki ne a cikinta, idan tsawa ko hauhawar wuta ta ƙona shi ba kowane mai gyaran unguwa ba ne zai iya da shi. Kafin ka biya ka tambayi mai shagon ko yana sayar da allon daban. Idan babu, kuma gidan ba batir ake dogara da shi ba, tsohuwar iri mai kwayil na tagulla ta fi kwanciyar hankali, tunda kafasita da boris ɗinta suna ko'ina.

Saura gidan sauro, wanda mutane suke mantawa da shi wajen lissafi. Ragar tana tare kaso mai yawa na iskar da ke saukowa daga sama, ƙura kuma idan ta toshe ramukanta abin ya ƙaru. Maganin ba cire gidan sauro ba ne, musamman da jariri a gari irin namu da zazzaɓin cizon sauro bai taɓa yin nisa ba. A ɗaura fankar daidai saman gado, a riƙa kakkaɓe ragar. Idan duk da haka iskar ba ta isa, a ƙara ƙaramar ta tsaye a gefen gado, kanta daidai da tsawon katifa, a ƙaramin gudu, ba tana hura jariri kai tsaye ba.

Masu caji ma a yi musu lissafi iri ɗaya. Mai batir bolt 12, amfiya 7, tana ɗauke da 84 na wat a awa. Idan injinta yana cin wat 25 a babban gudu, awa uku ke nan da ɗan kai, ko me aka rubuta a kwali. Awannin da ake tallatawa na ƙaramin gudu ne, da sabon batir.

Ita ta tsayen tana da wani aiki da ta sama ba za ta iya ba. Da misalin ƙarfe tara ko goma na dare iskar tsakar gida ta riga ta fi ta ɗaki sanyi, amma fankar sama iskar ɗakin kawai take juyawa. Ka ajiye ta tsaye a bakin taga ko ƙofa mai raga, bayanta na waje fuskarta na ciki, ka buɗe wata tagar a ɗaya ɓangaren don zafin ya samu mafita. Ɗakin namu iskar cikinsa ba ta wuce mita 37 ba, don haka ko rabin abin da mai inci 16 take turawa ne yake shigowa daga waje, cikin minti ɗaya zuwa biyu an sauya iskar ɗakin. Bango zai ci gaba da fitar da zafinsa, saboda haka a bar ta a nan awa ɗaya ko biyu kafin a juyo da ita wajen gado.